Mayar da sitatimen na banki da aka yi wa sikanin zuwa kolum ɗin debit, kiredit da balans

Tambaya: Ina riƙe wa wani shagon kayan gini littafin kuɗi. An ba ni sitatimen na banki na wata shida, shafi arba'in da ɗoriya, amma takarda ce aka yi wa sikanin aka turo mini a PDF. Ina so in fitar da debit, kiredit da balans a Excel domin in shigar da su manhajar lissafi. Na gwada wani shafin intanet mai juya PDF, sai lambobin suka fito a hargitse. Yaya ake yin wannan aiki ba tare da na buga komai da hannu ba?

Amsa: Kafin ka taɓa kowace manhaja, ka nemi mai asusun ya karɓo bayanin daga banki a wata siga daban. Yawancin bankuna suna barin mai asusu ya sauke sitatimen daga shafinsu na intanet a matsayin fayil ɗin Excel ko CSV, wasu kuma suna ba kamfanoni fayil na MT940 ko OFX, waɗanda manhajojin lissafi da dama suke karantawa kai tsaye. Ko da abin da aka samu PDF ne kawai, matuƙar shi ne ainihin wanda bankin ya fitar daga kwamfutarsa, to ya fi hoton takarda nesa ba kusa ba, domin lambobin da ke cikinsa rubutu ne na gaske, ba sai an yi hasashensu ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: buɗe fayil ɗin, ka yi ƙoƙarin ja da linzami a kan wata lamba kamar za ka kwafe ta. Idan lambar ta zaɓu ita kaɗai, akwai rubutu a ciki. Idan kuwa shafin gaba ɗaya ne ya zaɓu, ko ba abin da ya zaɓu, to hoto ne. Wannan bambancin shi ne dalilin da ya sa manhajoji irin su Tabula, waɗanda suka ƙware wajen cire tebur daga PDF, suke dawo da fanko idan aka ba su takardar sikanin, saboda ba su iya karanta hoto ba.

Idan babu yadda za a yi sai da takardar da ke hannu, misali an rufe asusun ko kuma tsohon bayani ne da bankin ba ya nunawa a intanet, to aikin ya kasu kashi uku: a mayar da hoto rubutu, a tsara rubutun a kolum, sannan a tabbatar da cewa lambobin daidai suke. Mutane sun fi ɓata lokaci a kan kashi na farko, suna ta neman manhajar da ba ta kuskure. A ganina wannan neman ba shi da amfani sosai, domin duk manhajar gane rubutu, wato OCR, tana kuskure a kan lambobi, kuma kuskuren lamba ba ya nuna kansa kamar kuskuren kalma. Idan manhaja ta rubuta kalma a karkace ido zai kama, amma idan ta mayar da 86,500 ta zama 36,500, duka biyun lambobi ne masu kyan gani, ba abin da zai ja hankalinka. Abin da ke ceton aikin shi ne kolum ɗin balans, wanda yake ba ka damar gwada kowane layi da lissafi, kuma a kansa mafi yawan wannan amsa za ta tsaya.

Duk da haka ingancin hoto yana rage wahala. Idan takardun suna kusa, a sake yi musu sikanin a kan 300 dpi, a ajiye su a miƙe, kuma a zaɓi launin toka maimakon baƙi da fari zalla, domin bankuna da yawa suna shafa wa layuka inuwa mai haske, kuma baƙi da fari zalla yakan mayar da inuwar nan ɗige-ɗige da manhaja za ta ɗauka waƙafi ko aya ne. Hoton waya da aka turo ta WhatsApp shi ne mafi muni, saboda an matse shi, ga lanƙwasar takarda, ga inuwar hannu. Karkacewar shafi ita ce babbar matsala a tebur mai faɗi: idan shafi ya ɗan jirkice, balans da ke can ƙarshen dama zai sauka ko ya hau har ya yi daidai da layin da ba nasa ba. Hatimin banki da sa hannun ma'aikaci, waɗanda sukan faɗa a kan lambobin shafin ƙarshe ko na kowane shafi, ba su da magani sai karantawa da ido.

Ga wanda yake iya buga umarni a kwamfuta, manhajoji biyu na kyauta sun isa. Ta farko tana miƙar da shafukan ta saka rubutu a bayan hoton, ta biyu kuma tana fitar da rubutun tare da kiyaye tazarar da ke tsakanin kolum:

```
ocrmypdf --deskew --rotate-pages sikanin.pdf rubutu.pdf
pdftotext -layout rubutu.pdf rubutu.txt
```

Wanda ba ya son umarni yana iya amfani da ABBYY FineReader ko Adobe Acrobat, waɗanda ake saya, su fitar masa da Excel kai tsaye. Game da shafukan intanet masu juya fayil kyauta kuwa, ka tuna cewa sitatimen yana ɗauke da sunan mai asusu, lambar asusu, adireshi da sunayen abokan cinikinsa, kuma ba naka ba ne, amana aka ba ka. Ban ga dalilin ɗora irin wannan takarda a shafin da ba ka san masu shi ba, alhali aikin yana yiwuwa a kan kwamfutarka.

Hargitsin da ka gani yana da sanadi guda da ya fi sauran yawa. A kowane layi na sitatimen, ɗaya daga cikin kolum biyu, debit ko kiredit, fanko ne. Ido yana gane wanda aka cika saboda yana ganin inda lambar take zaune a shafi, amma manhaja idan ta karanta layin sai ta fitar da kwanan wata, bayani, lamba ɗaya, sannan balans, ba tare da ta bar gurbin wanda yake fanko ba. Sakamakon haka kuɗin shiga da na fita sukan taru a kolum guda, ko kuma balans ya zame ya shiga gurbin kiredit. A kan wannan akwai ƙarin ɓarna daga kolum ɗin bayani. Bayanin tura kuɗi a Najeriya yakan yi tsawo ya karye zuwa layi biyu ko uku, kuma cike yake da lambobi, kamar lambar asusu mai lamba goma da doguwar lambar shaidar tura kuɗi, waɗanda manhaja takan ɗauka adadin kuɗi ne.

Ƙa'idar tsarawa ita ce kowane ciniki yana farawa da kwanan wata kuma yana ƙarewa da lambobi biyu masu ɗauke da kobo, wato adadi da balans. Saboda haka ka riƙa karanta layi daga dama zuwa hagu: lambar ƙarshe balans ce, wadda ke gabanta adadi ce, abin da ya rage tsakanin kwanan wata da adadi kuma bayani ne, komai yawan lambobin da ke cikinsa. Layin da ba shi da kwanan wata kuma ba shi da adadi, ci gaban bayanin layin da ke samansa ne, sai a haɗe su wuri guda. Kan tebur da ake maimaitawa a kowane shafi, lambar shafi, da layukan da ke ɗauko balans daga shafin baya, duka a share su, domin ba ciniki ba ne, kuma idan aka bar su za su shiga manhajar lissafi a matsayin kuɗi. Wanda za a bari shi ne balans na buɗewa kaɗai, a layi na farko bayan kan tebur.

Ka tsara takardar Excel ɗinka haka: kolum A kwanan wata, B bayani, C debit, D kiredit, E balans. Layi na 1 na kan tebur ne, layi na 2 na balans ɗin buɗewa, cinikin farko kuma yana layi na 3. Kafin lissafi ka tabbatar lambobin lambobi ne a wurin Excel, domin abin da ya fito daga OCR sau da yawa rubutu ne mai kama da lamba. Alamarsa ita ce ya jingina hagu a cikin gurbi maimakon dama, kuma jimla ba ta ƙirga shi. Harafin O da ya shiga maimakon sifiri, ƙaramin l maimakon 1, da S maimakon 5, duka a gyara su a waɗannan kolum uku kawai, kada a taɓa kolum ɗin bayani. Sannan a kolum F, daga layi na 3, ka saka wannan ka ja shi har ƙasa:

```
=ROUND(E3-(E2+D3-C3),2)
```

Ma'anarsa ita ce balans na baya, a ƙara abin da ya shigo, a cire abin da ya fita, dole ya ba da balans da aka buga a wannan layin. Idan layin daidai yake za ka ga sifiri. An saka ROUND ne saboda yadda kwamfuta take lissafin ɓangaren lamba yakan bar ɗan ragowa ƙanƙani ƙwarai da ba a gani, wanda zai sa layi mai kyau ya zama kamar yana da matsala. Da wannan dabara, maimakon ka duba layi dubu da ido, sai ka tace kolum F ka duba waɗanda ba sifiri ba kawai.

Amfanin wannan gwaji bai tsaya ga nuna wurin kuskure ba, girman lambar da ya fitar yana faɗa maka irin kuskuren. Bari mu bi misali na kwana huɗu a watan Maris na 2024, da balans ɗin buɗewa naira 482,315.40. Abin da ke kan takarda shi ne: ranar 4 an turo 150,000.00, balans ya zama 632,315.40, sai aka cire harajin naira 50 na kuɗin da ya shigo, ya koma 632,265.40. Ranar 5 aka tura wa dillalin siminti 86,500.00, saura 545,765.40, aka cire ladan tura kuɗi 53.75, wato naira 50 da harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kanta, saura 545,711.65. Ranar 6 aka biya 18,300.00 da kati, saura 527,411.65. Ranar 7 wani ya turo 72,000.00, balans ya hau 599,411.65, aka sake cire naira 50, ya tsaya a 599,361.65.

Bayan OCR da tsarawa, a ce kolum F ya nuna 60 a cinikin farko da -60 a na biyu. Duk lokacin da ka ga layuka biyu a jere da lamba iri ɗaya, ɗaya ƙari ɗaya ragi, to adadin kuɗin ba su da laifi, balans ɗin layin farko ne aka karanta ba daidai ba. Dalili kuwa shi ne kowane balans yana shiga lissafi sau biyu, a layinsa da kuma a layin da ke binsa, don haka kuskurensa yana bayyana sau biyu ta fuskoki masu kishiyantar juna. A nan manhaja ta karanta 632,315.40 a matsayin 632,375.40, ta ɗauki 1 a matsayin 7, kuma da zarar ka gyara gurbin nan guda, layukan biyu za su koma sifiri.

A ciniki na uku kolum F ya nuna -50,000, layin da ke binsa bai rama ba. Kuskure a layi ɗaya tilo yana nufin adadin ne ya samu matsala, ko kuma wani layi ya ɓace. Lambar da take dunƙulalliya haka, lamba ɗaya da sifirai a bayanta, alama ce ta cewa lamba guda aka karanta ba daidai ba, kuma yawan sifiran yana nuna maka matsayinta. Idan ka duba za ka tarar an rubuta 36,500.00 a wurin 86,500.00, 8 da 3 suna yawan rikiɗewa idan tawada ta yi rauni a gefen hagu. A ciniki na huɗu kuma sai ga 5,321.25, lamba mai ban mamaki da ba ta yi kama da komai a shafin ba. Raba ta da 99 za ka samu 53.75 cif. Ayar da ke raba naira da kobo ce ta ɓace, 53.75 ta zama 5375, wato ta ninku sau ɗari, bambancin kuwa ninki 99 ne na ainihin adadin. Wannan kuskure ya fi kowane yawa a ƙananan caji na banki irin su 10.75 da 26.88 da 53.75, domin aya ɗigo ne ƙarami da sikanin mara ƙarfi yake haɗiyewa.

Ciniki na shida ya nuna 144,000, wanda shi ne 72,000 sau biyu. Bambancin da ya yi daidai da ninki biyu na adadin layin yana nufin kuɗin ya faɗa kolum ɗin da ba nasa ba, an cire abin da ya kamata a ƙara. Sai ka ɗauke shi daga C ka kai D. Da a ce kuma manhaja ta tsallake cinikin ranar 6 gaba ɗaya, abin da yakan faru a layin ƙarshe na shafi ko inda takarda ta naɗe, da layin da ke binsa zai nuna -18,300 alhali adadinsa da balans ɗinsa duka daidai suke da takarda. Idan ka gwada layi da takarda ka ga ba shi da aibi amma gwajin bai ba da sifiri ba, ɗaga ido sama, akwai layin da ya faɗi, kuma lambar da ka gani ita ce adadinsa, ko haɗin adadin layukan idan sun fi ɗaya. Akwai kuma tsohuwar dabarar masu lissafi ta cewa bambancin da ke rabuwa da tara yakan nuna an juya lambobi biyu, kamar 54 a wurin 45. Wannan ya fi faruwa a layukan da mutum ya buga da hannu, don haka ka tuna da ita a wuraren da hatimi ya tilasta maka bugawa da kanka.

Idan kolum ɗin debit da kiredit sun riga sun cakuɗe a duk fayil ɗin, ba sai ka raba su ɗaya bayan ɗaya ba. Ka ajiye adadin duka a kolum guda, a ce G, ka bar balans ya yanke hukunci: idan balans ya ragu daga na layin baya, debit ne, idan ya ƙaru, kiredit ne. Na farko a C3, na biyu a D3:

```
=IF(E3<E2,G3,0)
=IF(E3>E2,G3,0)
```

A nan akwai tarko da nake so ka kiyaye. Mutum yakan ga cewa tunda bambancin balans biyu yana ba da adadi, me zai hana ya zubar da adadin da OCR ya karanta ya lissafo su duka daga balans? Idan ka yi haka kolum F zai cika da sifiri daga sama har ƙasa, amma sifirin banza ne, domin lamba kake gwadawa da kanta. Balans ɗaya da aka karanta ba daidai ba zai haifar da adadi biyu na ƙarya, layin da ya ɓace kuma zai narke a cikin maƙwabcinsa ba tare da wata alama ba. Adadi da balans shaidu biyu ne da aka karanta daban-daban, kuma ƙarfin aikin yana cikin yardarsu da juna. Balans zai iya faɗa maka ɓangaren da kuɗi ya nufa, amma adadin kansa dole ya fito daga abin da aka karanta a takarda.

Bayan kowane layi ya zama sifiri, saura gwajin gaba ɗaya. Sitatimen yakan nuna jimlar debit, jimlar kiredit da balans ɗin rufewa a shafin farko ko na ƙarshe. A misalinmu jimlar kiredit 222,000.00 ce, jimlar debit 104,953.75, kuma 482,315.40 idan aka ƙara na farko aka cire na biyu zai ba da 599,361.65. Gwada jimlolin biyu daban-daban yana kama abin da gwajin layi ba ya kamawa, wato layuka biyu masu soke juna da suka ɓace tare, kamar tura kuɗi da bai tafi ba aka cire sannan aka mayar nan take. Balans bai motsa ba, don haka sarƙar ba ta tsinke ba, amma jimlar debit da ta kiredit duka za su gaza da adadi iri ɗaya. Tunda wata shida kake da su, ka kuma tabbatar balans ɗin rufewa na kowane wata shi ne na buɗewar wanda ke binsa, domin shafi yakan maƙale a jikin ɗan'uwansa a injin sikanin.

Wannan hanya tana da iyaka. Wasu bankuna suna jera sabon ciniki a sama, tsoho a ƙasa; a nan sai ka juya jerin tukuna, amma kada ka juya ta hanyar tsarawa da kwanan wata, domin cinikin rana ɗaya za su rikice sarƙar ta lalace. Ka ba layukan lambar jeri a wani kolum, ka juya da ita. Wasu kuma ba sa buga balans sai a ƙarshen kowace rana, to sai ka gina naka balans mai gudana ka gwada shi da na banki a layukan da aka buga, ka san cewa kuskure zai nuna maka rana ce kawai, ba layi ba. Asusun da ya ci bashi yakan nuna balans da alamar ragi, ko a cikin baka, ko da DR a bayansa, kuma OCR yana yawan zubar da alamar ragi. Dole ka mayar da waɗannan lambobi su zama masu ragi kafin gwajin ya yi aiki. Mafi muhimmanci kuma, gwajin balans ba ya cewa komai game da kwanan wata da bayani. Kwanan wata kana iya gwada shi da cewa kowane layi bai gaza na samansa ba kuma bai fita daga watan ba. Idan sitatimen yana da kwanan wata biyu, ranar da aka rubuta ciniki da ranar da kuɗin ya fara aiki, ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa. Na fi son ranar rubutawa, domin da ita aka saba jera layukan.

Yanzu sai fitar da fayil. Abin da zai ba ka mamaki shi ne manhajojin lissafi da aka fi sani ba su cika buƙatar kolum ɗin balans ba, suna lissafa nasu ne daga balans ɗin buɗewa. QuickBooks na intanet yana karɓar CSV mai kolum uku, `Date`, `Description`, `Amount`, ko mai huɗu, `Date`, `Description`, `Credit`, `Debit`. Xero yana son kolum na kwanan wata, sannan adadin duka a kolum guda, kuɗin fita da alamar ragi. Saboda haka ka ajiye takardar aikinka mai balans da gwaji a matsayin shaida, ka kwafi ƙimomin kawai zuwa sabuwar takarda ba tare da dabarun lissafi ba. Idan kolum guda ake so, kiredit a cire debit shi ne adadin; idan biyu ne, ka share sifiran ka bar guraben fanko. Ga yadda layukan farko na misalinmu za su kasance:

```
Date,Description,Amount
04/03/2024,Kudin shiga,150000.00
04/03/2024,Harajin kudin shiga,-50.00
05/03/2024,Dillalin siminti,-86500.00
```

Lura cewa babu waƙafin dubbai kuma babu alamar naira. A fayil ɗin CSV waƙafi shi ne katangar da ke raba kolum, don haka 150,000.00 na iya tsagewa gida biyu. Kwanan wata ma yana da haɗari: 04/03/2024 a wurinmu 4 ga Maris ne, amma kwamfutar da aka saita a tsarin Amurka za ta karanta shi 3 ga Afrilu, kuma ba za ta yi ƙorafi ba sai ta kai ranar da ta wuce 12. Alamar wannan cuta a Excel ita ce wasu ranaku sun jingina dama wasu hagu a kolum guda. A lokacin shigarwa manhaja takan tambaye ka tsarin kwanan wata, ka zaɓi wanda rana ke gaba. Doguwar lambar shaida kuma, idan ka ba ta kolum nata, ka mayar da kolum ɗin na rubutu kafin ka zuba ta, domin Excel ba ya riƙe fiye da lamba 15, sauran yakan mayar da su sifiri. Wanda yake aiki da sitatimen na bankunan Nijar ko Kamaru zai tarar da tsarin Faransanci: tazara ce ke raba dubbai, waƙafi ke raba ɓangaren lamba, kuma Excel na Faransanci yana raba kolum da `;` maimakon waƙafi. Tazarar nan takan sa OCR ya yanka 1 250 000 gida uku, sai an haɗe su kafin gwaji.

Akwai ruɗani guda da yake kama har waɗanda suka karanta lissafi. Debit da kiredit na sitatimen daga mahangar banki aka rubuta su: kuɗinka bashi ne a kan banki, shi ya sa idan kuɗi ya shigo yake rubuta kiredit. A littafin shagon kuwa asusun banki dukiya ce, kuɗin da ya shigo debit ne. Allon shigar da sitatimen yawanci yana bin mahangar banki ko ya tambaye ka kai tsaye wane kolum ne kuɗin shiga, wane ne na fita, amma idan ta hanyar journal entry za ka bi, wato rubuta debit da kiredit na littafin shagon da kanka, to sai ka juya su. Kada ka dogara da sunan kolum, ka duba samfurin da manhaja take nunawa kafin ka amince, ka nemi ciniki ɗaya da ka san tabbas kuɗin fita ne, kamar cajin banki, ka ga ɓangaren da ya faɗa.

Ka fara da wata ɗaya kawai. Bayan shigarwa ka gwada balans ɗin asusun a manhaja, a ranar ƙarshen watan, da balans ɗin rufewa na takarda. Idan sun bambanta da daidai balans ɗin buɗewa, ba a saka shi ba ne ko an saka shi sau biyu. Idan bambancin ninki biyu ne na abin da asusun ya motsa a watan, an juya shiga da fita. Idan kuma ya yi daidai da cinikin wasu 'yan kwanaki, to kwanakin sun shiga sau biyu, abin da yakan faru idan sitatimen biyu sun haɗu a rana ɗaya, domin layin CSV ba shi da lambar shaida ta musamman irin wadda fayil ɗin OFX yake ba kowane ciniki, wadda manhaja take gane maimaici da ita. Sai watan farko ya daidaita har kobo sannan ka shigar da na biyu, kuma ka rubuta a sunan kowane fayil ranar farko da ta ƙarshe da ke cikinsa.